Gaisuwar Tsaye

Tun da idon Malam Shu'aibu ya tafi, kunnensa ya haɗa aikin biyu, kuma duk Hausawan unguwar Azizya sun shaida bai taɓa gazawa ba. Tsoho ne mutumin Kazaure, ya zo aikin hajji da matarsa Iyatu, ya ga Madina, ya ce shi kam ya iso, nan zai jira kabarinsa. Ya yi ɗinkin hula har allura ta gagare shi, sannan ya koma kan buzunsa da carbi. Mutane kan shigo gaishe shi, wasu don Allah, wasu don shayin Iyatu. Abin da yawancinsu ba su lura ba shi ne, tsohon yana auna kowa da inda muryarsa ta fito. Wanda ya durƙusa, maganarsa takan zo masa daidai kunne. Wanda ya ɗan rusuna don a ce ya yi, tasa takan zo ta saman hula. Wanda ya tsaya ƙiƙam kuwa, daga rufin ɗaki ake jin sa. Ba ya yi wa kowa faɗa. Zai amsa maka sallama cikakkiya, don wannan haƙƙin Musulmi ne, amma tambayar iyali da sa albarka sai ka nema a wani gidan.

Rabo ya fi kowa sanin haka, don a hannun tsohon ya tashi. Ɗan ƙanensa ne, uban ya rasu Rabo bai fara wayo ba, Baffa ya ɗauke shi ya haɗa da nasa. A zauren Kazaure aka koya masa gaisuwa kafin a koya masa alif. Ka yi sallama daga waje ka jira a ce ka shigo. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ba a bakin tabarma ba. Ka durƙusa ta gefe, kada ka tsone wa babba ido da zama gaba da gaba. Idonka a ƙasa, muryarka ƙasa da tasa. Kada ka miƙa hannu sai ya miƙo, in ya miƙo ka karɓa da biyu, ka mayar ƙirji. Ba a ce wa babba sannu a wuce, wannan gaisuwar abokin wasa ce. Ba ka ce masa ka tashi lafiya, sai dai an tashi lafiya. Kome ke damunka, amsar gaisuwa lafiya lau ce, labari sai an gama. Kuma ba ka miƙewa sai an sallame ka. Rabo ya sha rankwashi a kan waɗannan har suka zama jininsa, ya girma ana misali da shi a unguwa.

Da ya biyo Baffa Saudiyya neman abin rufin asiri, lokacin ana ta gina Yanbu, ana neman masu ƙarfi a bakin teku. Baffa ne da bakinsa ya ce masa ya tafi can, ya kuma nemo masa hanya wurin wani da ya sani. Rabo ya kama aikin ɗora bututu. Duk ƙarshen wata yakan shigo mota ya zo Madina, ya yi ziyara, ya durƙusa gaban Baffa, ya ci tuwon Iyatu, ya koma.

Sai aka daina ganinsa. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar salla ta wuce, babbar ma ta wuce, ba Rabo. Sai saƙon baki daga direbobi: yana gaisuwa, shugul, wato aiki, ya yi yawa.

Gaskiyar maganar, bututu ne ya kuɓuce daga igiya ya same shi a ƙafar hagu. Ya daɗe kwance a asibiti, likitoci suka yi iya yinsu, suka ceci ƙafar, amma suka ɗaure gwiwar da ƙarfe. Ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Ƙugun ma bai gama warkewa ba, an gargaɗe shi kada ya matsa masa. Salla a kan kujera yake yi. Ya hana kowa ya kai labari Madina, don ya san tsohon zai zauna cikin duhunsa yana cewa ni na tura shi. Yanzu kuma aiki ya ƙare, kafil, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya buga masa takardar fita, jibi zai shiga jirgin gida daga Jidda. Baffa ya tsufa tukuf. Rabo bai yaudari kansa ba, ya san wannan ne ganinsu na ƙarshe, kuma abu ɗaya ya kawo shi Madina: ya ji Allah ya yi maka albarka daga bakin nan kafin ya tafi.

Bayan la'asar ya iso lungun. Ya daɗe a ƙofar gida yana duban takalman baƙi. A mota tun daga Yanbu yake juya al'amarin, bai samu mafita ba. Durƙuso ya gagara. In ya zauna a ƙasa dole ƙafar ta miƙe, kuma miƙe wa babba ƙafa ya fi tsayuwar muni. Wata zuciya ta ce masa ai makaho ne, ba zai gani ba. Ya ji kunyar zuciyar tasa. Mutumin da bai taɓa miƙe wa ƙafa yana gani ba, ba zai fara don ido ya tafi ba. Ya jingine sandarsa a bayan ƙyaure tare da takalmi, don ba a shiga wa dattijo da sanda, ya dafa bango ya ja jiki har bakin labule.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muryar wa nake ji kamar Rabo? Shigo.”

Daɗin da ke cikin muryar tsohon ya kusa kayar da shi. Ya ɗaga labule, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya riƙe dokin ƙofa. Doguwar jallabiya ta rufe masa ƙafa har idon sawu.

Ana wata ga wata, ashe ya faɗo tsakiyar muhawara. Akwai ɗalibai 'yan Najeriya da ke karatu a jami'a, sukan zo su karanta wa Malam littafi tunda shi ba ya iyawa. Babbansu Sharfuddeen, saurayi mai kaifin kai da son gaskiya, irin wanda in ya karanta abu da safe ba ya iya kwana da shi a ciki. Tun ɗazu yake kawo hujja cewa rusunawa ga ɗan Adam ba ta halatta, sallama da musafaha sun wadatar. Malam yana cewa shi ma ya san hadisin, amma ruku'u daban, durƙuson ɗan Hausa daban, don yaro ba bauta yake yi ba, rage tsawonsa yake kada ya yi wa ubansa inuwa. Sharfuddeen yana girmama tsohon ƙwarai, a zaune yake duk wannan bayani, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Cikin wannan ne Rabo ya sunkuyar da kai iya yadda wuya zai iya, ya sassauta murya har da ƙyar ake ji.

“Baffa, barka da yamma. An wuni lafiya?”

Ya ga kan tsohon ya ɗago a hankali, yana bin muryar zuwa sama. Murmushin ya tsaya a fuskar na ɗan lokaci, kamar yana jira muryar ta sauko. Hannun da ya fara ɗagowa daga cinya ya koma inda yake.

Sharfuddeen kuwa fuska ta washe. “Ma sha Allah. Allah gafarta Malam, ka gani ko? Ga ɗan gidanka ma ya fahimta. Wallahi haƙƙi ba ya ɓuya, har Yanbu ya kai.”

Da gyara ya yi niyya, sai ya zuba wa wuta fetur. Rabo ya so ya ambaci ƙafar, ya fasa. Ba a katse gaisuwa da labari, ba a kuma kai ƙarar jiki gaban baƙi. Ya sake gwadawa.

“Ya ƙarfin jiki, Baffa?”

“Alhamdu lillahi,” in ji tsohon. Ya juya fuska wajen ɗalibin. “Ina muka tsaya? Ci gaba da karatunka.”

Shi ke nan. Ba ina gajiya, ba ya aiki, ba ina ka shiga. Rabo ya tsaya a bakin ƙofa yana jin karatun Larabci yana wucewa ta kansa, bai fahimci ko kalma ba. Bai taɓa jin ciwo irin wannan ba, har da ranar bututun. Can ya ce, “Na bar ku lafiya,” aka amsa masa a taƙaice, ya saki labule.

A lungu Iyatu ta cim masa. Ta jiyo muryarsa daga madafa, ta fito da ludayi a hannu za ta yi masa tsiya, sai ta tarar yana lalubar sanda a bayan ƙyaure. Ta dubi sandar, ta dubi yadda yake jan ƙafar. Ludayin ya sauka.

“Inna, ina wuni,” ya ce, kai a ƙasa.

“Bar ina wunin nan. Rabo, mene ne wannan?”

Ya gaya mata a gajarce. Ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba.

“Shi ne ka ɓoye? Mu muna nan ana kawo mana magana, wai ka yi fulus, wai ka shiga masu sabon karatu ka daina gaida mutane. Shi bai taɓa yarda ba. Kullum cewa yake, Rabo nawa ne, ku bari ya zo ku gani. Ranar salla bai ci abinci ba sai da rana ta faɗi, yana sauraron ƙofa.” Ta juya. “Bari in shiga in gaya masa yanzun nan.”

“Inna, don Allah kada ki faɗa.”

“Kai wane irin mutum ne? Jibi fa ka ce za ka tafi.”

“In kin gaya masa, tausayi zai ji, ya ce ya yafe. Ni ba yafiya na zo nema ba. Gaishe shi na zo yi, kuma ban gaishe shi ba. Zuwa da kai ya fi aike. Gobe da hantsi zan dawo.”

Ta daɗe tana dubansa. “Taurin kan gidanku ne, na san shi shekara da shekaru. Ɗayyib. Amma in gobe ba ka zo ba, bakina ba zai rufu ba.”

A ɗakin wani abokinsa direba ya sauka, can wajen Aƙiƙ. Kafin magariba, da abokin ya fita, ya tura ƙyaure ya tsaya kusa da bango yana nazarin ƙafarsa kamar ta wani. Gaba ba ta zuwa, don can babba yake. Gefe ma ba ta zuwa, ɗakin Baffa ƙarami ne. Saura baya. In ya shiga ya ba ƙofa baya kaɗan, ya zame ƙafar hagun ta koma wajen ƙofa, ya sauke gwiwar dama, nauyin duka zai hau ƙugun da aka ce kada ya matsa wa. Ya gwada. Rabin hanya wani abu ya soke shi daga ƙugu har ƙeya, ya zube a kan katifa. Ya huta ya sake. Karo na gaba ya kai ƙasa, ya tsaya a haka yana haki, ya ce a hankali, an tashi lafiya, don ya ji ko muryar za ta fita ba rawa. Ta yi rawa. Ya yi ta maimaitawa har ta daidaita. Tashi ne ya gagara, sai da ya ja jiki ya kama ƙafar gado. Ya ce a ransa, wannan matsalar bayan gaisuwa ce.

Washegari ya yi asuba a Harami a kan kujerarsa, ya yi sallama ga Manzon Allah, ya roƙi abin da ya roƙa. Da rana ta ɗan ɗaga ya sayi burodin tamis mai zafi ya nufi Azizya. Ya miƙa wa Iyatu burodin a tsakar gida, ta karɓa, idonta ya nuna ba ta yi barci sosai ba. Ya ajiye sanda da takalmi inda ya ajiye jiya.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A shigo.”

Jiya shigo aka ce masa, yau a shigo, kamar baƙon da ba a san sunansa ba. Rabo ya ji bambancin sarai. Baffa na zaune a kan buzu shi kaɗai, carbi a hannu, fuskar a rufe. Rabo ya bi bango ya koma ta gefen damansa. Ya yi bisimilla a zuci, ya dafa bango da hannu ɗaya, ya fara zame ƙafar baya. Diddigen ya ja ƙasa da wani sauti. Gwiwar dama ta sauka da ƙarfi fiye da yadda ya so, ta bugi siminti. Zafin ya taso masa har ya ga duhu-duhu, ya cije leɓe ya haɗiye. Ya saki bangon, ya haɗa hannuwa a kan cinya, ya sunkuyar da kai. Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya yi magana.

“Baffa, ina kwana.”

Carbin ya tsaya. Muryar ta zo wa tsohon daga inda ya saba jin ta, ƙasa da kunnensa kaɗan. Amma kunne ya girmi kaka, ya ji jan diddigen, ya ji bugun gwiwar, yana kuma jin numfashin da ake ƙoƙarin ɓoyewa. Rabo ya zaci tsohon zai jefo tambaya. Bai jefo ba. Shi ya kafa dokar, ba kuma zai karya ta a kan ɗan da ya biya ta da tsada haka ba.

“Lafiya lau,” ya ce.

“An tashi lafiya?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

“Ya ƙarfin jiki?”

“Da godiya.”

“Ya ibada?”

“Muna taɓawa. Allah ya karɓa.”

“Amin. Ya haƙuri da mu?”

Nan tsohon ya karɓi gaisuwar ya juyo da ita, yadda babba ke yi in ya yarda da kai.

“Rabo, ina gajiya?”

“Ba gajiya, Baffa.”

“Ya hanya?”

“Lafiya lau.”

“Ya aiki?”

“Da godiya.”

“Ya jikinka?”

Gumi na ɗiga daga haɓar Rabo zuwa jallabiya, cinyarsa na karkarwa. “Lafiya lau, Baffa.”

“Madalla,” in ji tsohon. Ya miƙo hannu. Rabo ya karɓa da biyu, ya mayar ƙirji. Amma hannun bai koma ba. Ya bi kafaɗarsa, ya ji rigar sharkaf, ya gangara ta haƙarƙari, ya samu ƙugu, ya bi cinyar da ta tafi baya har ya iso gwiwa. Yatsun da suka yi shekaru suna ɗinki suka tsaya a kan tabon, suna bin sawun zaren likita ɗaya bayan ɗaya, suka danna suka ji ƙarfe.

“An gama gaisuwa,” ya ce. “Yanzu ba ni labari.”

Rabo ya ba shi, bai rage ba, har da takardar fita da jirgin jibi, wanda yanzu ya zama na gobe. Tsohon bai ɗauke hannu daga gwiwar ba.

“Jiya ma haka ƙafar take?”

“Haka take.”

“Ka tsaya a ƙofata da ƙarfe a gwiwa, ni kuma na juya maka ƙeya.” Hawaye suka fito daga idanun da ba sa gani, suka bi gemu. “Ni na tura ka Yanbu.”

“Rabona ne ya kai ni, Baffa. Ai kai ka sa mini sunan.”

Tsohon ya yi wata 'yar dariya cikin kuka. “Ji ɗan nema, yana mayar mini da magana. Tashi, tashi haka nan, na sallame ka.”

To, a nan gizo ke saƙar. Rabo ya yunƙura, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Iyatu, wadda tun ɗazu take laɓe a bayan labule, ta shigo ta kama hannu ɗaya, amma ina ƙarfin tsohuwa. Ana cikin haka aka yi sallama, sai ga Sharfuddeen da littafi a hammata, ya zo karatun safe. Ya ga mutumin da ya yaba jiya a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe baya kamar itace, fuska jiƙe da gumi. Yaron ba wawa ba ne, nan take ya gane abin da bakinsa ya jawo. Ya ajiye littafin, ya sauka ƙasa ya sa kafaɗa a hammatar Rabo.

“Yaya, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba.”

“Ba kome, Ustaz. Alheri ka nufa.”

Baffa ya karkata kunne. “Wa nake ji a ƙasa haka? Sharfuddeen? Ashe gwiwarka na lanƙwasuwa.”

“Allah gafarta Malam, wannan ɗaukar mara lafiya ce, babu saɓani a kanta.”

“To Allah ya ƙara mana marasa saɓani. Ɗaga shi a hankali.”

Aka zaunar da Rabo a kan akwati, ƙafar na fuskantar ƙofa. Iyatu ta kawo shayi da tamis, daga baya ta ɗora tukunya, ta ce ba mai fita gidan nan sai ya ci tuwo. Suka wuni ana hira. Baffa ya yi ta ba da saƙo, a gaida wane, a duba kabarin wance, a gaya wa mutanen Kazaure yana nan yana yi musu addu'a a inda addu'a ba ta faɗuwa. Rabo yana amsawa da to, amma hankalinsa na kan abu ɗaya. Akwai sallamar tafiya a gaba, kuma ya san ƙugun ba zai sake kai shi ƙasa ba yau. A kan akwatin ma kansa ya ɗara na Baffa, abin yana ta cin sa.

Da aka yi la'asar lokacin motar Jidda ya matso, don can zai kwana kafin jirgin gobe. Rabo ya miƙe da taimakon Sharfuddeen, ya fara duban bangon da zai dafa. Tsohon ya ji motsin.

“Kul. In ka sake kai gwiwar nan ƙasa ban yafe ba.”

“Baffa, ba zan yi maka sallama a tsaye ba.”

“Na sani. Ni na rene ka, ai na san abin da na shuka.” Ya miƙa hannu sama. “Sharfuddeen, kama ni. Iyatu, kawar da bokitan nan daga matakala.”

Ba wanda ya gane nufinsa. A tsakar gidan akwai matakalar siminti mai hawa rufi, inda ake shanya. Tsohon da ko masallaci sai an riƙe shi, ya sa aka kai shi gindinta. Ya laluba da ƙafa, ya hau ɗaya, ya huta, ya hau wata. Iyatu na cewa Malam a hankali, yana cewa ke dai riƙe bakinki. Ya juyo da ƙyar ya zauna, yana haki.

“Rabo, matso nan gindi. Yi magana in ji.”

Rabo ya matso, ya tsaya a ƙasa ba sanda, ba takalmi. “Na'am, Baffa.”

Tsohon ya saurara, ya girgiza kai. “Da saura.” Ya dafa kafaɗar Sharfuddeen, ya ja jiki baya ya ƙara hawa. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar yana kan buzunsa. “Sake.”

“Na'am, Baffa.”

“Yawwa. Ga ka nan inda kake. To, ina jin ka.”

Rabo ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa. Wannan karon bai iya hana muryar rawa ba.

“Baffa, zan kama hanya. A yafe mini abin da na yi, wanda na sani da wanda ban sani ba. A sa ni a addu'a.”

“Ba ka yi mini kome ba sai alheri. Ni ne zan ce ka yafe mini jiya.”

“Baffa, don Allah.”

“Ka yafe ko ba ka yafe ba?”

“Na yafe.”

Hannun ya sauko yana lalube a iska, ya samu hularsa, ya zauna a kai da nauyinsa duka.

“Allah ya yi maka albarka, Rabo. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini. Ƙafar da ka rasa, Allah ya sa ka tarar da ita ta riga ka shiga Aljanna. Allah ya kai ka gida lafiya.”

“Amin, Baffa. Amin.”

Sharfuddeen ya juya fuska bango yana share ido da hannun riga. Iyatu ta tsaya riƙe da sandar da takalman, ta kasa miƙawa. Rabo bai motsa ba, don ba a sallame shi ba, tsohon kuma bai ɗauke hannunsa ba. Daga bakin titi direban Jidda ya yi ham, ya jira, ya sake yi.

“Malam,” Iyatu ta ce a hankali, “mota za ta tafi.”

“Na ji ta,” in ji shi. “Ba kurma ba ne ni. Ku bar ni da ɗana kaɗan.”